Daga ɗanyen rubutu zuwa bayanin taro: hanyoyi huɗu, da yadda kowace ke yi da wurin da ba a ji ba

An tashi daga taro, an naɗi sautinsa a waya, an kuma mai da sautin rubutu, ko dai da manhaja ko kuma wani ya zauna ya buga a gurguje. Abin da ke gaban sakatare yanzu shi ne ɗanyen rubutu: shafuka kusan 20 daga taron awa ɗaya, domin mutane kan furta kalmomi 130 zuwa 160 a minti guda, wato wajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 ke nan a awa. Daga cikin wannan tuli ake son ya fitar da bayanin taro na shafi biyu ko uku wanda shugaba zai sa wa hannu. Matsalar ita ce rubutun ba ya cika. Wani wuri an yi tari a kan maganar ma'aji, wani wuri mutum uku sun ɗauki magana a lokaci ɗaya, wani wuri kuma wanda ke can ƙarshen tebur ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Hanyoyi huɗu ne mutane suka saba bi. Akwai mai aiki da rubutun kaɗai ba tare da ya koma ga sautin ba. Akwai mai komawa ya saurari wasu wurare da ya zaɓa. Akwai mai sauraron komai daga farko zuwa ƙarshe. Akwai kuma mai miƙa sautin ga ƙwararren mai kwafe magana. Cike giɓi da kintace ba ya cikin lissafi, domin bayanin taro shaida ce, kuma da zarar an amince da shi an sa hannu, kintacen sakatare ya zama matsayar kwamiti. A dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006, alal misali, sashe na 248 ya wajabta a ajiye bayanin taron daraktoci na aƙalla shekara 10, sashe na 249 kuma ya ce bayanin da shugaban taro ya tabbatar hujja ne a kan abin da ya gudana. Ƙasashe sun bambanta a dokokinsu, amma ko ƙaramar ƙungiya da ba ta da rajista, idan gardama ta tashi, wannan takardar ake ɗaukowa.

Giɓi iri biyu ne

Kafin a auna hanyoyin, sai an gane wannan, don a kansa bambancinsu ya rataya. Akwai giɓin fili, inda mai bugawa ya bar ɗigo-ɗigo ko jimla ta yanke a tsakiya. Wannan kowa na ganinsa. Akwai kuma ɓoyayyen giɓi, inda ba a ji maganar da kyau ba amma aka sa wata kalma mai kama da ita, jimlar ta zauna daram kamar ba abin da ya faru. Manhaja ta fi yin haka, domin ba kasafai take barin wuri fanko ba. Abin da ya fi kusa da sautin take sakawa. Mai bugawa da ya gaji shi ma yakan yi.

A Hausa wuraren da wannan ke faruwa sanannu ne. "An biya" da "a biya" harafi ɗaya ne ya raba su, amma ɗaya labarin abin da ya wuce ne, ɗayan umarni. "Ba a amince ba" idan "ba" ɗin farko ya shige cikin ƙarar jan kujera, na ƙarshe kuma aka haɗiye shi, sai ya fito "a amince". "Bakwai" da "takwas" suna rikiɗa a sauti mara kyau, haka "sittin" da "saba'in". "Talata" da "talatin" kan musanya wuri, sai ranar mako ta koma ranar wata. Irin waɗannan gajerun gaɓoɓi su ne ke fara ɓacewa idan mai magana ya yi nisa da waya, kuma dalilin a fili yake: a sarari, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti kan ragu da wajen desibel 6. Wanda ke mita biyu daga wayar ya yi ƙasa da wanda ke rabin mita da kusan desibel 12, alhali ƙarar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki tana nan yadda take.

Ma'aunan da za a duba

Abu biyar ne. Na farko tsada, wadda a nan galibi lokacin sakatare ce, sai a hanya ta huɗu da kuɗi ke fita. Na biyu, ko hanyar tana kama ɓoyayyen giɓi. Na uku ɗorewa, wato idan wani ya tashi bayan wata shida ya ce ba haka aka yanke ba, shin takardar za ta tsaya da ƙafarta? Na huɗu sauƙi: kayan aiki da ƙwarewar da ake bukata. Na biyar haɗari, musamman fitar sirrin taro da kuma jinkirin da zai sa mahalarta su manta abin da suka faɗa.

Alamomin giɓi, waɗanda duk hanyoyin ke bukata

Ko wace hanya aka ɗauka, a tsayar da alamomi kaɗan a riƙa amfani da su iri ɗaya. Huɗu sun isa, kowace cikin baka mai kusurwa tare da lokacin da ke jikin sautin:

- [ba a ji ba 00:23:14] idan babu abin da aka kama.
- [takwas? 00:31:02] idan an ji wani abu amma ba a tabbatar ba.
- [magana ta haɗu 00:40:10 zuwa 00:40:25] idan mutane sun hau kan juna.
- [ba a gane mai magana ba 00:47:50] idan an ji kalmomin amma ba a san bakin wa suka fito ba.

Lokacin shi ne ran alamar. Alamar da ba ta da lokaci tana tilasta wa duk mai son dubawa ya nemi wurin a cikin awa guda na sauti, kuma ba wanda zai yi. Idan giɓin ya wuce sakan biyar, a rubuta farkonsa da ƙarshensa, domin kalma ɗaya da ta ɓace daban take da jimla uku da suka ɓace, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin wanne ne. Dalilin amfani da baka mai kusurwa kuwa shi ne a iya nemo dukkan alamomin da `Ctrl+F` kafin a fitar da takarda, tunda ba a cika amfani da ita a wani wuri cikin bayanin taro ba.

Abu ɗaya da ke rage wa sakatare wahala ƙwarai: ba kowane giɓi ne zai shiga bayanin taro ba. Littafin ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert, wanda ya fara fitowa a 1876 kuma ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau, ya tafi a kan cewa abin da aka yi a taro ake rubutawa, ba abin da kowa ya faɗa ba. Saboda haka giɓin da ya faɗo a tsakiyar muhawara, inda ake ta jan magana kafin a kai ga matsaya, yawanci zai zauna ne a ɗanyen rubutu kawai. Wanda ke da nauyi shi ne wanda ya faɗo a kan adadi, rana, suna, lafazin ƙuduri, sakamakon ƙuri'a, ko wanda aka ɗora wa aiki.

Misalin da za a gwada hanyoyin a kansa

A ɗauka kwamitin mutum bakwai ne, taron minti 62, waya ɗaya a gaban shugaba. Ɗanyen rubutun yana da giɓin fili guda 14. Tara suna cikin muhawara, biyar sun taɓa abu mai nauyi. Ga yadda wani yanki ya fito a kan batun sayen kwamfutoci:

"Ma'aji: to idan haka ne mu sayi guda … kawai a wannan zangon, sauran a bari. Shugaba: kowa ya yarda? To … ya kawo takardun farashi ranar talatin. Kuɗin gyaran janareta kuma an biya."

Giɓin fili biyu ne a nan: adadin kwamfutocin, da sunan wanda zai kawo takardun farashi. Akwai kuma ɓoyayyu biyu da ido ba zai gani ba. Abin da shugaba ya faɗa a zahiri shi ne "ranar Talata", kuma "a biya" ya ce, ba "an biya" ba.

Hanya ta ɗaya: aiki da rubutu kaɗai

Sakatare ya karanta rubutun, ya ja layi a ƙarƙashin matsaya da ayyuka, ya jera su bisa ajanda, ya sa alama a giɓin fili, ya aika wa shugaba daftari. Karanta kalmomi 8,500 a natse yana cin kamar minti 40, rubuta bayanin kuma kamar awa ɗaya. Ba a bukatar komai sai kwamfuta ko waya. Ita ce mafi arha da mafi sauri, kuma saurin yana da amfani na gaske, domin daftarin kan isa hannun mahalarta tun abin yana ɗanye a ƙwaƙwalwarsu.

Rauninta babba ne. A misalinmu za a sa alama a adadin kwamfutoci da sunan mai kawo takardu, wanda daidai ne, amma "ranar 30" da "an biya kuɗin gyaran janareta" za su wuce sumul. Sakamakon haka ma'aji zai ga an rubuta an biya, ya ɗauka wani ya riga ya biya, mai gyara kuma ya yi ta jira. Har ila yau idan rubutun bai zo da lokuta a jikinsa ba, alamomin za su fito babu lokaci, sai dai lambar shafi. Abin da zai iya ceto wannan hanya shi ne idan sakataren yana cikin taron kuma ya riƙa rubuta matsaya da adadi da hannu a lokacin. To a nan yana da shaida ta biyu da zai gwada rubutun da ita. Idan bai halarci taron ba, ban ga dalilin da zai sa ya dogara da ita ba.

Hanya ta biyu: sauraron wuraren da aka zaɓa

Wannan ce ta fi bukatar bayani, domin amfaninta ya dogara ne a kan yadda aka zaɓi wuraren. Kuskuren da aka fi yi shi ne a koma ga giɓin fili kawai. Daidai shi ne a haɗa jeri biyu: giɓin fili masu nauyi, da kuma duk wurin da rubutun ya kawo adadi, rana, suna, ƙuduri ko kalmar yarda da ƙi, ko da jimlar ta yi kyau a ido. A misalinmu giɓi biyar ne, sai wurare kamar 11 na jeri na biyu, jimla 16. Idan kowane ya ci minti uku, minti 48 ke nan. A haɗa da karatu da rubutu, aikin ya tashi wajen awa biyu da rabi.

Yadda ake sauraron ma yana da ƙa'ida. A sa abin sauraro a kunne, domin lasifikar waya tana zubar da ƙananan sautuka. A fara daga sakan goma kafin giɓin a wuce shi da sakan goma, saboda sau da yawa wani yakan maimaita adadin ko shugaba ya sake faɗin matsayar. A manhajar kunna sauti ta VLC a kwamfuta, maɓallin `[` yana rage gudu kaɗan-kaɗan, `=` yana mai da shi daidai, `Shift` da kibiyar hagu kuma suna komawa baya sakan uku. Rage gudu zuwa 0.8 ko 0.7 yana taimakawa ga mai saurin baki, amma idan aka yi ƙasa da haka sautin kan narke, baƙaƙe su ƙara dushewa. Shafin intanet na oTranscribe, wanda aka yi don kwafe magana daga sauti, shi ma yana da sauƙi, inda `Esc` ke tsayarwa da ci gaba, `Ctrl+J` kuma ya dasa lokacin a cikin rubutu.

Idan ƙarar fanka ce ta danne muryar, manhajar gyaran sauti ta Audacity na iya ɗan taimakawa. A zaɓi sakan biyu ko uku inda ba mai magana, a shiga Noise Reduction a danna Get Noise Profile, sannan a zaɓi wurin giɓin a sake shiga a aiwatar. Wannan yana aiki ne a kan ƙara mai ɗorewa iri ɗaya. Ba ya cire tari, ba ya cire bugun tebur, kuma ba ya raba muryoyi biyu da suka hau kan juna a makirufo ɗaya. Idan aka matsa shi da yawa, murya kan koma kamar daga cikin ruwa, har ta haifar da sautukan da ba su nan. A yi wannan a kan kwafi, a bar fayil na asali yadda yake.

Sai iyakar sauraro. Sau uku ya isa, ko huɗu idan an gyara sautin. Bayan haka kunne kan fara jin abin da zuciya ke tsammani, kuma duk maimaitawa tana ƙara wa mutum yaƙinin da ba shi da tushe. Gwajin da ya fi inganci shi ne a yanko wurin a ba wani ya saurara ba tare da an gaya masa abin da ake zato ba. Da zarar ka ce masa "takwas ya ce, ko?" to takwas zai ji. Yankowa da manhajar ffmpeg, wadda ake ba umarni a rubuce, layi ɗaya ne:

```
ffmpeg -ss 00:22:58 -t 30 -i taro.mp3 -c copy gibi3.mp3
```

Wannan zai fitar da sakan 30 daga minti 22 da sakan 58. Amfaninsa na biyu shi ne ba sai an ba mutum sautin taron gaba ɗaya ba.

A misalinmu, wannan hanya ta kama "Talata" da "a biya" tun a sauraron farko, domin suna cikin jeri na biyu. Sunan mai kawo takardu ya fito da aka rage gudu: mataimakin sakatare ne. Adadin kwamfutocin kuwa ya ƙi, domin daidai nan wani ya yi tari. Sakatare na jin kamar "takwas", mutumin da ya ba wa sautin don ya saurara kuma ya ce "bakwai". A takardar da ma'aji ya raba kafin taro an rubuta 12, amma ai maganar rage adadin ake yi, don haka takardar ba ta warware komai ba. Daftarin sai ya fita haka:

"4.2 Sayen kwamfutoci. An amince a sayi guda [bakwai ko takwas? ba a ji ba sosai 00:23:14] a wannan zangon, a ɗage sauran. Mataimakin sakatare zai kawo takardun farashi ranar Talata. 4.3 An ba da umarnin a biya kuɗin gyaran janareta."

Daga nan a tambayi ma'aji, shi da ya furta, da shugaba, shi da ya ɗauki matsayar, kowa daban, da tambaya buɗaɗɗiya: "Ranka ya daɗe, kwamfutoci nawa aka tsayar za a saya?" Idan amsarsu ta zo ɗaya, a sa adadin, a kuma rubuta a takardar aiki cewa daga bakinsu aka samo, da ranar da suka tabbatar. Idan sun saɓa, ba aikin sakatare ba ne ya zaɓi ɗaya. A bar alamar a daftari, a kai ta zama na gaba, kwamiti ya tsayar da adadin lokacin amincewa da bayanin taron baya, a rubuta hakan a bayanin sabon zaman. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a lura da shi: wanda aka tambaya yakan faɗi abin da yake nufi, ko abin da ya fi so yanzu, ba lallai abin da ya furta a ranar ba. Shi ya sa ake tambayar mutum biyu, kuma ake yin tambayar cikin kwana ɗaya ko biyu.

Inda wannan hanya ke gazawa shi ne abin da ya ɓace gaba ɗaya daga rubutun. Idan wani daga ƙarshen tebur ya ce "ni ban yarda ba, a rubuta" kuma rubutun bai ɗauko ko kalma ɗaya ba, babu abin da zai ja hankalin sakatare zuwa wurin. Alamar da ke tona wannan ita ce tsallen lokaci: idan rubutun na da lokuta, sai ka ga layi ɗaya a 00:35:10, na gaba a 00:35:52, alhali kalmomin da ke tsakani ba su wuce goma ba. Duk irin wannan tsalle a ƙara shi cikin jerin wuraren sauraro.

Hanya ta uku: sauraro daga farko zuwa ƙarshe

A kunna sautin, rubutun na gaba, ana gyarawa ana tafiya. Da tsayawa da komawa baya, awa ɗaya ta sauti kan ci awa biyu zuwa uku, sannan a zo a rubuta bayanin. A ware awa huɗu. Kayan aikin da dabarun duk irin na hanya ta biyu ne.

Ita ce a cikin ukun farko ta fi kama abin da ya ɓace ɗungurungum, kuma ita ce ke gyara rikicin wa ya ce me, wanda ɗanyen rubutu ya fi kuskure a kansa. Takardar da ta fito ta nan tana da ƙarfi, domin sakatare zai iya cewa ya saurari kowane minti. Amma tana da aibi biyu. Bayan kamar minti 40 na sauraro kunne kan gaji, ido ya riƙa bin rubutun, mutum ya riƙa jin abin da yake karantawa. Sai an riƙa hutawa, kuma a wuraren adadi a kau da ido daga allo a saurara tukuna. Na biyu, wanda ya saurari komai yakan ji sha'awar rubuta komai, bayanin taro ya kumbura ya kai shafi takwas cike da "wane ya ce, wane ya mayar". Kuma kada a yi zaton ta rufe kowane giɓi. Adadin kwamfutocin nan da tari ya danne yana nan a danne.

Hanya ta huɗu: miƙa wa ƙwararre

Masu wannan sana'a galibi suna caji ne a kan kowane minti na sauti, kuma kuɗin kan ƙaru idan sautin ba shi da kyau, masu magana suna da yawa, ko ana gaggawa. Lissafin da suka saba yi shi ne awa huɗu na aiki a kan awa ɗaya ta sauti mai kyau, ya kai shida ko fiye idan sautin ya lalace. Nagari a cikinsu zai dawo maka da rubutu mai tsabta da alamomin giɓi da lokutansu, kuma ba ya kintace. Hasali ma wannan ce hanyar gwada shi: a ba shi minti biyar na wurin da ka san akwai tari a kan adadi. Idan ya dawo da shi babu alama ko ɗaya, ka san irin aikinsa.

Sai dai bai san mutanen ba. Ba ya gane murya, bai san sunayen ayyuka da gajerun laƙabobin da kwamiti ke amfani da su ba, don haka alamomin "ba a gane mai magana ba" za su yi yawa sai an ba shi jerin mahalarta da ajanda, an kuma nuna masa minti da kowa ya fara magana. Idan ana cakuɗa harsuna biyu a taron, dole ya iya dukansu. Abin da zai kawo kuma rubutu ne gyararre, ba bayanin taro ba; awa ɗaya da rabi na karatu da tacewa suna jiran sakatare. Ga jinkirin kwanaki, ga kuma sautin taro ya fita daga hannu. Idan an tattauna albashi, ladabtarwa ko lafiyar wani, ana bukatar izinin shugaba da yarjejeniyar riƙe sirri a rubuce, wadda ta haɗa da goge fayil bayan an gama.

Jadawali, bisa taron awa ɗaya

| Ma'auni | Rubutu kaɗai | Sauraron zaɓe | Sauraron duka | Ƙwararre |
|---|---|---|---|---|
| Lokacin sakatare | ƙasa da awa 2 | wajen awa 2 da rabi | wajen awa 4 | wajen awa 2 |
| Kuɗi | babu | babu | babu | bisa minti na sauti |
| Ɓoyayyen giɓi | ba ta kamawa | tana kamawa a wurare masu nauyi | tana kama kusan duka | tana kama kalma, tana rikita suna |
| Maganar da ta ɓace gaba ɗaya | ba ta gani | sai ta tsallen lokaci | tana gani | tana gani |
| Tsayuwa gaban gardama | rauni | ƙarfi | ƙarfi sosai | ƙarfi idan sakatare ya duba |
| Sauƙi | mafi sauƙi | tana son tsari | tana gajiyarwa | tana son shiri da jira |
| Babban haɗari | kuskure mai kama da daidai | tsallake ƙin amincewar wani | gajiya da kumburin takarda | fitar sirri da jinkiri |

Wace ta dace da wa

Ganawar ma'aikata ta mako-mako, inda ba a yanke batun kuɗi ba kuma sakatare na zaune yana rubutu da hannu, hanya ta ɗaya ta wadatar, muddin duk adadi da rana an gwada su da rubutun hannun. Abin da bai dace da rubutun hannun ba a sa masa alamar tambaya.

Kwamitin da ke amincewa da kashe kuɗi, yana raba ayyuka da wa'adi, wato yawancin tarukan ƙungiyoyi da makarantu da ofisoshi, hanya ta biyu ce tasa. Ƙarin kusan minti 50 ne a kan ta ɗaya, kuma a cikinsu ake kama irin "an biya" da "a biya". Ita zan ba duk wanda bai da wani dalili na musamman.

Zaman ladabtarwa, taron da aka kaɗa ƙuri'a mai zafi, ko wanda wani ya nemi a rubuta ƙin amincewarsa, a yi hanya ta uku, ko da kuwa a kan wannan batun kaɗai ne a cikin ajanda, sauran a bi su da ta biyu. Haka nan idan sakataren bai halarci taron ba, ko giɓin fili sun yi yawa har ana samun ɗaya a kusan kowane minti biyu, domin a nan rubutun bai isa ya zama jagorar zaɓen wurare ba.

Hanya ta huɗu ta dace da doguwar zama ta yini guda, ko inda ake bukatar cikakken rubutu kalma bayan kalma a haɗa da bayanin, kuma babu sirrin da zai hana. Ko a nan ma sakatare zai koma ga sautin a kan kowace alama da ta faɗo a kan adadi, suna ko matsaya, kuma a duk hanyoyin huɗu kada a goge sautin na asali sai an amince da bayanin a zama na gaba, sannan a bi ƙa'idar ƙungiyar a kan ajiye shi ko goge shi.